Ɗinkin anko da cikin wata huɗu: lambata ta da zan bi ko watan ciki?

Amaryar Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawara a kan wani abu da ya shige mini duhu, kuma ina jin nauyin tambayar mutanen gida saboda wannan ne na fari. A awon da na je wannan makon an ce mini ina sati 18, bikin ƙanwar maigidana kuma saura sati 14, wato lokacin ina sati 32 idan Allah ya kai mu. An riga an ba ni atamfar anko yadi 6, kuma ina son in sayi ɗinkakkun dogayen riguna guda biyu da abaya ɗaya na zuwa wurin aiki. Kafin in samu juna biyu lamba 12 nake sawa a awon Ingila, abaya kuma 56. Wata mai shago a babbar kasuwa ta ce in ɗauki lamba 16 kawai in huta, wata ƙawata kuma ta ce kayan masu juna biyu da lambar mutum ta da ake sayen su. Wanne ne daidai, kuma me zan ce wa tela game da ankon?

Hajiya Inna, Daura:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raba lafiya. Ni haihuwata takwas, kuma ban taɓa sanin wata lamba ba, domin zani ba shi da lamba, kullum gwargwadon cikinki kike ɗaura shi. Ki ce wa tela ya yi miki riga mai faɗi da zani da ɗankwali, ki yafa mayafinki, shi ke nan. Abin da na fi so ki kiyaye shi ne kada ki ɗaure cikin tamau don kina jin kunyar a gani, saboda matsi yana takura yaro har ya hana shi girma yadda ya kamata.

Maman Sadiya mai ɗinki, Ƙofar Ƙaura:
Hajiya Inna, Allah ya ƙara girma, maganarki a kan zani gaskiya ce, ba a yi tufafin da ya kai shi bin jikin mai ciki ba. Amma tunda yarinyar nan tana zuwa aiki kuma ankon biki ne, bari in yi mata bayanin abin da na gani a shekarun da na yi ina ɗinka wa mata.

Ƙanwata, ƙawarki ce ta fi kusa da gaskiya, amma da sharaɗi. Idan rigar an yi ta ne musamman domin masu juna biyu, to lambarki ta da za ki ɗauka, wato 12, domin masu yin ta sun riga sun ƙara wurin ciki da ƙirji a cikin yankan, sun bar kafaɗa da hannu da baya a kan awon mace mai lamba 12. Idan kuwa riga ce ta kowa da kowa aka ce ki ƙara lamba, nan ne ake yin asara. Tsakanin lamba ɗaya da mai bi mata, kamar 12 da 14, bambancin bai wuce inci 2 a kewayen ƙirji ba a mafi yawan kamfanoni. To daga 12 zuwa 16 kin samu inci 4 ke nan, kuma an raba su ne tsakanin gaba da baya, saboda haka abin da ya zo gaba, inda kike bukata, inci 2 ne kacal. Ciki kuwa gaba yake fitowa, ba ya zagaya baya. Abin da zai faru shi ne kafaɗar rigar za ta zubo miki kan damtse, hammata ta yi rami har a hango rigar mama, bayan rigar ya yi ta lilo babu kowa a ciki, sannan idan kin kai wata bakwai cikin ya ɗame ta duk da haka. Mata da yawa sun kawo mini irin wannan gyaran, kuma rage kafaɗa yana nufin sai an ɓalle hannu gaba ɗaya an sake yanka shi, wanda kuɗin aikinsa kan kusa kuɗin sabon ɗinki.

Game da anko, ki turo mini awonki na da idan telanki ya rubuta a littafinsa, sannan ki ɗauki tef yau ki auna kafaɗa, ƙirji, ƙasan ƙirji, kewayen cibiya da kwankwaso, sai mu yi lissafin a nan kowa ya amfana.

Maman Khalil:
Ni dai shawarata kada ki sayi lambar farko da yawa, domin sati uku kawai ake yi a fita daga cikinta. Ki fi yawaita na wata uku zuwa shida, su ne suke daɗewa.

Amaryar Ƙofar Marusa:
Anti Maman Khalil, na gode, ina jin kayan jariri kike nufi, ni kuwa nawa nake tambaya. Amma na ajiye shawarar domin lokacinta na tafe.

Anti Maman Sadiya, ga awon da aka yi mini lokacin ɗinkin lefe: kafaɗa 15, ƙirji 36, ƙasan ƙirji 30, ƙugu 29, kwankwaso 39, tsawon doguwar riga 56. Na yau kuma: kafaɗa 15, ƙirji 38, ƙasan ƙirji 31, cibiya 33, kwankwaso 40. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙirjin ya ƙaru sosai alhali cikin bai wani fito ba, in dai na sa hijabi babu mai ganewa.

Sista Rabi, ungozoma:
Wannan ba abin mamaki ba ne, ƙanwata, haka tsarin yake a wurin yawancin mata. Nono yana fara cika tun watannin farko, ita kuwa mahaifa tana ɓoye a cikin ƙashin ƙugu har wajen sati 12 kafin ta fara tasowa sama da mara. A wajen sati 20 take kaiwa daidai cibiya, daga nan ta ci gaba da hawa har ta kusa ƙahon zuciya a wajen sati 36. Idan kin lura, a wurin awo muna ɗora tef daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa, kuma daga sati 24 zuwa 36 adadin santimitar yakan yi daidai da adadin satin, da bambancin da bai wuce 2 sama ko ƙasa ba. Ke da kike sati 18 yanzu, cikinki bai kai cibiya ba, ranar bikin kuwa zai kasance tsakanin cibiya da ƙahon zuciya, har ya fi kusa da saman. Mafi yawan girman da tela zai yi wa tanadi yana gabanki ne.

Sai dai ina roƙon kada a ɗauki wannan awon namu a matsayin awon ɗinki. Mu tsawon mahaifa muke aunawa, tela kuwa kewaye yake bukata, kuma kewaye ba shi da ƙa'ida ɗaya. Doguwar mace mai dogon gangar jiki cikinta yana samun wurin hawa sama, gajeriya kuwa dole ya turo gaba da wuri. Mai cikin fari tsokar cikinta na da ƙarfi tana riƙe shi, wadda ta haihu biyu ko uku nata yakan fito tun wata uku. Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba shi ne haƙarƙari kansa yana buɗewa domin numfashi, kewayensa yakan ƙaru da santimita 5 zuwa 7, shi ya sa maɗaurin rigar mama yake matse mace ko da ba ta yi ƙiba ba.

Hajiya Inna, ki yi mini afuwa a kan magana ɗaya. Ɗaurin zani ba ya hana yaro girma, domin yana cikin ruwa kuma mahaifa tana kare shi. Uwar ce take wahala: ƙwannafi ya ƙaru, numfashi ya yi nauyi, fata ta yi shaida da ƙaiƙayi, musamman a zafin nan namu na Afrilu da Mayu. Saboda haka shawararki ta a sassauta tana nan daram, dalilin ne kawai ya bambanta.

Hajiya Inna, Daura:
To, Sista, ku ne masu ilimin, mu abin da muka gada ke nan. In dai an yarda a sassauta, bukata ta biya.

Maman Sadiya mai ɗinki, Ƙofar Ƙaura:
Madalla da bayanin Sista. Yanzu ga yadda zan yanka wannan atamfar da ni aka kawo wa.

Kafaɗa tana nan a 15, kada a taɓa ta, domin ita ce take riƙe da fasalin riga, kuma kin gani da idonki cewa ba ta motsa ba. Ƙirji yanzu 38 ne, ina sa ran ƙarin inci ɗaya kafin biki, sannan a ba shi inci 2 na walwala, sai a ɗinke shi a 41. A kowane gefe kuma a bar rarar inci ɗaya da rabi a ciki maimakon rabin incin da aka saba bari. Amfanin wannan shi ne idan aka ɓalle ɗinkin aka matsar da shi da inci ɗaya a kowane gefe, gaba ya bayar da ɗaya baya ya bayar da ɗaya, dama da hagu, kin samu inci 4 a kewaye ba tare da an yi haɗi ba. A atamfa wannan ba ya barin shaida sosai idan an goge, amma a shadda hudar allura ba ta ɓacewa, saboda haka mai shadda kada ta dogara da wannan dabarar.

Babban abin shi ne inda za a raba rigar. A ɗinkin da kika saba ana yanka ta a ƙugu, wajen inci 16 daga kafaɗa. Yanzu ƙugun nan zai tafi, saboda haka a yanka ta a ƙasan ƙirji, wajen inci 14, daga nan tattara ta fara. Kuma kada yankan ya ɗame a kan 31 ɗin da kika auna yau, a bar shi a 34 saboda buɗewar haƙarƙarin da Sista ta ambata, a sa ɗamara siririya daga gefe da gefe wadda za ki ɗaure ta baya gwargwadon yadda kika ji daɗi. Ga mace mai irin jikinki, abin da na saba gani a wata na bakwai zuwa takwas shi ne cibiya ta kai 39 zuwa 41. Idan na ɗauki 41 na ƙara 4 domin zama da ruku'u da sujada, ina bukatar 45 a daidai cibiya, kuma ba zan raba shi biyu daidai ba. Baya zai ɗauki 20, gaba ya ɗauki 25, a tara tattarar a gaban. Telan da bai saba ba yakan zuba tattarar ko'ina daidai wa daida, sai mace ta fito kamar an kifa mata kwando.

Sai tsawo, wanda shi ne kuskuren da na fi gani. Ciki idan ya fito yana ɗage gaban riga, domin yadin sai ya hau tudu ya sauka kafin ya kai ƙasa. Rigar da take share ƙasa yau, a wata na takwas za ki ga idon sawunki a gaba alhali baya na nan yadda yake. Ana ƙara inci 3 a tsakiyar gaba, a tafi da shi a hankali yana raguwa har ya haɗu da tsawon gefe. A nan akwai matsala da ya kamata ki nuna wa telanki tun kafin ya sa almakashi. Tsawonki 56, an cire 14 na sama saura 42, a ƙara 3 ya zama 45, ga rabin inci na haɗi a sama da inci ɗaya na kalmasa a ƙasa, ya kama 46 da rabi. Faɗin atamfa kuwa yawanci tsakanin 45 ne zuwa 47. Idan taki gajeriya ce, ko dai a sauke yankan ƙirjin da inci ɗaya, ko a yi wa ƙasan rigar haɗi da wani ƙyalle na atamfar a matsayin ado. Ki auna faɗin da kanki a daren nan. Kalmasar ƙasa kuma kada a yi ta sai saura sati ɗaya biki, ki je da takalmin da za ki sa a daidaita ta a jikinki.

Maman Ihsan, malamar makaranta:
Anti Maman Sadiya, bayaninki ya gamsar da ni a kan tsawo, domin abin da ya same ni ke nan, na halarci bikin ƙanena ina ta jan gaban riga ƙasa. Amma ban yarda a yanka atamfar tun yanzu ba. A cikina na biyu na yi irin wannan lissafin a wata na huɗu, aka ɗinka mini leshi mai tsada, sai hoton ciki ya nuna tagwaye ne, kuma kafin wata na bakwai babu rarar da ta rage ba a buɗe ba, rigar ta ƙi shiga. A ganina ta ajiye atamfar har sai saura sati uku, a auna jikin da za a sa wa rigar, ba jikin da ake hasashe ba.

Maman Sadiya mai ɗinki, Ƙofar Ƙaura:
Malama, a wajen awo kin fi ni gaskiya, babu lissafin da ya kai ganin ido. Abin da nake gudar mata shi ne halinmu na teloli, ban cire kaina ba. Idan ta kai ɗinki saura sati uku, lokacin da dukan 'yan anko suka kai nasu, ko dai a yi mata shi cikin gaggawa ba a tsaya wannan lissafin ba, ko kuma ranar kamu tana zaune a shago da tsohon ciki tana jira. Ni da ta kai a sati 26, a ɗinka komai a bar gefe da kalmasa, ta koma gwaji a sati 31.

Maman Ihsan, malamar makaranta:
Sati 26 ya fi 18 nesa ba kusa ba, amma ni har yanzu na fi natsuwa da 29. Kowa da telansa.

Sista Rabi, ungozoma:
Abu ɗaya zai rage wannan shakkar. Ƙanwata, idan ba a yi miki hoton ciki ba, ki yi a tsakanin sati 18 zuwa 22, wanda dama lokacinsa ne saboda lafiyar yaron, a nan za a san ɗaya ne ko biyu. Kuma ina so ku bambance ƙarin jiki na hankali da kumburi. Mace mai matsakaicin jiki ana sa ran ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16 a dukan cikin, a hankali. Amma idan a cikin kwana biyu ko uku zobe ya ƙi fita, fuska ta kumbura, hannun riga ya matse, musamman in da ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan ba maganar tela ba ce, a tafi asibiti a auna hawan jini a ranar.

Hajiya Bilki mai kayan Dubai:
Bari in sa baki a kan abayar, domin ita ce sana'ata. Lambar abaya, 52, 54, 56, 58, tsawo ce da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba faɗi ba. Mata da yawa suna zuwa su ce in ba su 60 saboda ciki, su koma gida tana jan ƙasa ta baya, hannu ya rufe yatsu, faɗin da aka ƙara kuwa kaɗan ne. Ke mai 56, ki nemi mai yankan malam-buɗe-littafi ko mai buɗaɗɗen gaba a 56 ɗinki, ko kuma ki ɗauki 58 tela ya rage miki inci 2 a baya kaɗai, gaban ya zauna da tsawonsa. Mai matsattsen ƙugu da dutse a ciki kam ki haƙura da ita sai bayan arba'in.

Game da ɗinkakkun riguna kuma, 12 ta Ingila ita ce 40 a yawancin kayan Turkiyya, 8 a na Amurka. Kayan Sin kuwa kada ki yarda da abin da aka rubuta a wuya, XL ɗinsu sau da yawa bai fi M na wasu ba. Ki shiga kasuwa da tef a jaka, ki shimfiɗa rigar, ki auna kafaɗa ki ga 15, ki auna daga hammata zuwa hammata ki ga 20 ko 21. Kuma ga yadda za ki gane ko da gaske ta masu juna biyu ce ko mai shago ne ya sa mata sunan: ki riƙe ta a kafaɗa ki ɗaga, idan gabanta bai fi bayanta tsawo ba, kuma babu tattara a gefe ko a ƙasan ƙirji, to babbar riga ce kawai.

Maman Khalil:
Yanzu na fahimci tambayar, ku gafarce ni. Amma lambar mutum ta da ba kullum take aiki ba. Ni 14 nake sawa, a cikina na uku na ƙara kilo 19, damtsena da cinyoyina duk suka cika, rigunan masu ciki lamba 14 da na ajiye tun na farko hannunsu ya ƙi shiga. Sai da na koma 16.

Hajiya Bilki mai kayan Dubai:
Wannan haka yake, Maman Khalil. Lambar da tana aiki ne muddin kafaɗa da damtse da cinya suna kusa da yadda suke. Idan su ma sun ƙaru, sai a hau lamba ɗaya a cikin kayan masu juna biyun, ba a koma na kowa da kowa ba. Shi ya sa nake hana mai wata huɗu sayen riguna biyar lokaci guda. Ta sayi ɗaya yanzu, ta biyun ta bari sai wata na shida ta ga inda jikin ya dosa.

Amaryar Ƙofar Marusa:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na auna atamfar, faɗinta 45 da rabi ne, saboda haka sai an yi haɗin da Anti Maman Sadiya ta ce. Akwai siket biyu na aiki da zif ɗinsu ya daina rufuwa tun makon jiya, ko akwai yadda za a cece su, ko in naɗe su sai bayan haihuwa?

Maman Sadiya mai ɗinki, Ƙofar Ƙaura:
Ya danganta da yankansu. Idan masu faɗi ne daga kwankwaso, a cire maɗaurin ƙugun, a zabtare gaban kamar rabin wata zurfin inci 4 zuwa 5, a maye gurbin da yadi mai talewa wanda zai hau kan ciki, a sa roba mai faɗi a baya kaɗai. Siririyar roba kada ki yarda da ita, tana naɗewa ta shige fata. Idan kuwa masu bin jiki ne, kwankwasonki ya riga ya tashi daga 39 zuwa 40 kuma zai ƙara, gyaran ba zai kai ki ko'ina ba, gara ki ajiye su. Wasu matan sun fi son siket ya zauna ƙasan ciki saboda zafi, wasu kuma sun ce hakan yana danne musu mara yana sa su yawan fitsari, wannan sai kin gwada da zani na kwana biyu kin ji wanda jikinki ya karɓa kafin a taɓa almakashi. Ki ɗauki hoton siket ɗin a shimfiɗe, gaba da baya, ki turo in ga yankan.